Harajin da Kano ke nema yana kwance a asusu na 151

*"Malam, ni ke riƙe da lissafin wani kamfanin matsar man gyaɗa a nan Damagaram, masu shi suna Kano. Bana sun aiko mana da takardar cikewa, suna neman in rubuta harajin da aka jinkirta a kan injinmu. Mu kuwa mun biya harajin ribarmu na ISB cif, hukumar haraji ta DGI ba ta bin mu ko dala. Wane haraji ne kuma wannan, a ina zan samo adadinsa?"*

Ƙanena, kwantar da hankalinka, ƴan lanho ba sa bin ku komai, kuma babu takardar biya da za ta zo muku a kan wannan adadi bana. Mutanen Kano ma ba kuskure suka yi ba. Littafi biyu ne, kowanne da ƙa'idarsa. Kai kana rubuta naka bisa SYSCOHADA, tsarin lissafi na ƙasashen OHADA masu bin dokar kasuwanci guda, har da Nijar, wanda aka sabunta a 2017, ya fara aiki a kan asusun kamfani guda tun 1 ga Janairun 2018. A wannan tsari, asusun kamfani shi kaɗai harajin da ya wajaba a shekarar kawai yake ɗauka, jinkirtaccen haraji sai a asusun da ya haɗa uwar kamfani da ƴaƴanta. Su kuwa Najeriya ba ta cikin OHADA, ma'aunin lissafi na ƙasa da ƙasa, IFRS, suke bi, a ciki akwai IAS 12, wanda ya ce duk inda darajar kaya a littafi ta saɓa da darajarsa a wajen haraji, a lissafa harajin da ke biye da wannan saɓani. Shi ya sa ka yi shekara da shekaru kana rufe bilan, takardar da ke nuna dukiyar kamfani da nauyin da ke kansa, ba ka taɓa haɗuwa da shi ba.

Bari mu ɗauki inji guda mu bi shi daga saye har tsufa. Adadin da zan sa na misali ne, kai sai ka sauya su da na rajistar kayanku. Lissafin kuma na sefa ne yadda ake rubuta shi a takarda, ba ƙirgen dala na kasuwar Dole ba.

A ce kun sayi injin matsa a kan miliyan 60, har da kuɗin ɗauko shi, da na kwastan, da na kafa shi, ya fara aiki ranar 1 ga Janairu. Injiniyanku ya ce zai yi shekara 10 yana aiki, bayan nan sai dai ƴan gwangwan. Ragin tsufa na littafi, abin da muke kira amortisma, ya zama miliyan 6 ke nan kowace shekara. A ce kuma dokar haraji ta yarda a cinye kuɗin injin a shekara 5, wato miliyan 12 a shekara. Ribar kamfani kafin a cire ragin tsufa mu bar ta miliyan 40 kowace shekara don kada lissafi ya cakuɗe. ISB kuwa kashi 30 cikin 100 ne.

Shekarar farko, ribar da masu kamfani ke gani ita ce 40 a cire 6, saura miliyan 34. Ribar da ake yanka wa haraji ita ce 40 a cire 12, saura miliyan 28, harajinta miliyan 8.4. Da a kan 34 aka yanka, da miliyan 10.2 za ku biya. To ina miliyan 1.8 da ke tsakani ta shiga? Ba yafe muku aka yi ba. Dubi shekara ta 6. A lokacin haraji ya riga ya cinye miliyan 60 ɗin nan kaf, babu sauran abin da za a rage, alhali littafi yana nan yana cire miliyan 6 ɗinsa. Ribar masu kamfani 34 ce yadda take, amma haraji a kan 40 gaba ɗaya za a yanka shi, miliyan 12. Kun biya ƙarin miliyan 1.8 ke nan a kan 10.2. Shekara biyar na farko kuna biyan 8.4, jimla 42. Biyar na ƙarshe kuna biyan 12, jimla 60. Haɗa su, miliyan 102, daidai da 10.2 sau 10. Ko dala ba ta ragu ba, lokacin biya ne kawai ya gusa. Kamar ɗan kasuwar da ya ba ka buhun gyaɗa a bazara ya ce ka kawo kuɗi da kaka, ba tare da ya ɗora komai a kai ba. Kyautatawa ce ta gaske, amma wanda ya ɗauki buhun nan a matsayin kyauta zai sha kunya da kaka.

Abin da jinkirtaccen haraji ke yi shi ne ya rubuta wannan miliyan 1.8 a matsayin nauyi tun shekarar da aka ci moriyarta. Shekarar farko harajin da ke cikin lissafin riba sai ya zama 8.4 da aka biya, da 1.8 da aka jinkirta, jimla 10.2. Shekara ta 6 kuma 12 da aka biya, a cire 1.8 da aka saki daga abin da aka tara, jimla 10.2. In ba a yi haka ba, mai karanta rahoton a Kano zai ga harajinku kashi 24.7 cikin 100 na riba a shekarun farko, sannan ya tashi zuwa 35.3 daga baya, ya ɗauka wani abu ya lalace a Damagaram, alhali injin nan ne dai, ribar nan ce dai. Mafi muni, masu hannun jari za su raba ribar shekarun farko suna ganin ta fi yadda take.

IAS 12 ba ta hanyar riba yake so a bi a fitar da adadin ba, ta hanyar bilan yake so, kuma ni ma ita nake ba ka shawara, domin ita ce ba ta ɓata ko an yi shekaru ana tafiya. Ranar 31 ga Disamba ka tambayi kowane kaya tambaya biyu. Nawa ya rage na darajarsa a littafi? Nawa kuma ya rage wanda haraji zai yarda a cire nan gaba? Ta farko ita ce darajar littafi, ta biyu darajar haraji.

```
(darajar littafi − darajar haraji) × 30% = jinkirtaccen haraji a bilan
na ƙarshen bana − na ƙarshen bara = abin da ke shiga lissafin ribar bana
```

A ƙarshen shekara ta 3, darajar littafi 60 a cire 18, saura 42. Darajar haraji 60 a cire 36, saura 24. Saɓanin miliyan 18 ne, kashi 30 ɗinsa miliyan 5.4. Na ƙarshen shekara ta 2 miliyan 3.6 ne, saboda haka na bana 1.8. A ƙarshen shekara ta 5 abin ke kai ƙololuwa: littafi 30, haraji sifili, nauyin miliyan 9. Daga nan yana sauka da 1.8 kowace shekara har ya ƙare tare da injin. Idan darajar littafi ce ta fi, nauyi ne a kanku, domin ragin da ya saura a wajen haraji bai kai wanda ya saura a littafi ba.

Yanzu ga inda zan sauƙaƙa maka aiki. Akwai bambanci tsakanin yadda mu da su muke samun ragin haraji, kuma wannan bambanci ne ke rikita wasiƙun da ke kai-komo tsakanin ofis biyu irin naku. A tsarin da Najeriya ta gada daga Ingila, ma'aikatar haraji ba ruwanta da ragin tsufa na littafi. Wajen lissafin haraji sai a mayar da shi kan riba gaba ɗaya, sannan a cire wani rangwame na daban da doka ta tsara wa kayan jari, a kan wata takarda da ba ta shiga littafi. Saboda haka akantan Kano yana da takarda ta musamman da ke nuna darajar haraji, ita yake nema daga wajenka. Mu kuma a tsarin da muka gada daga Faransa, ragin da ba a rubuta a littafi ba haraji ba ya karɓarsa. To yaya za a rubuta miliyan 12 a littafi alhali injin miliyan 6 ya ci? SYSCOHADA ta raba shi gida biyu. Miliyan 6 na gaskiya ya bi hanyarsa ta kullum, daga asusu na 681 zuwa na 284, ya rage darajar injin. Rarar miliyan 6, wadda ta haraji ce zalla, ba ta taɓa darajar injin, sai ta bi ta nan:

```
Shekara 1–5:   D 851  6 000 000   /  C 151  6 000 000
Shekara 6–10:  D 151  6 000 000   /  C 861  6 000 000
```

Buɗe manhajar lissafinka ka nemi asusu na 151, za ka ga an rubuta masa Amortissements dérogatoires. A misalinmu, a ƙarshen shekara ta 3 akwai miliyan 18 kwance a cikinsa. Wannan 18 ita ce saɓanin da muka fitar ɗazu tsakanin 42 da 24. Wato abin da Kano ke nema ka daɗe kana tara shi, sunansa ne kawai ba ka sani ba. Ka ɗauki kashi 30 cikin 100 na abin da ke cikin 151, ka sami jinkirtaccen harajin injin.

Wannan kuma shi ya sa littafinka na gida ba ya nuna wata ɓaraka. A wajenka riba kafin haraji 28 ce, tunda 851 ya cinye miliyan 6 ta ɓangaren abubuwan da ba na harkar yau da kullum ba, haraji kuma 8.4, kashi 30 cif. Komai ya zauna. Amma IFRS ba ta san rubutun da aka yi don haraji kawai ba. Idan za a kai lissafinku Kano sai an goge 851, riba ta koma 34, a nan ne harajin 8.4 zai zama bai kai ba, sai an cike shi da 1.8. Asusu na 151 ma sai an wargaza shi. A bilan ɗinmu yana zaune cikin dukiyar masu kamfani da dukan miliyan 18 ɗinsa, kamar duka nasu ne. A takardar Kano miliyan 12.6 ne kawai nasu, miliyan 5.4 ya koma ɓangaren nauyin da ba na kusa ba. Ni ko bilan ɗin gida nake karantawa don in ba banki ko mai son shiga hannun jari shawara, haka nake yi a zuciyata, in ga 151 ya yi kauri sai in cire kashi 30 ɗinsa kafin in ce ga ƙarfin kamfani.

Duk wannan gyara a tebur na daban ake yin sa, na aika wa uwar kamfani. Kada ka shigar da shi littafin da za ka kai DGI. Musamman kada hannunka ya kai ga asusu na 441, inda ake rubuta harajin riba da hukuma ke bin ku a zahiri, ko na 891. In ka zuba miliyan 5.4 a 441, ranar da aka zo bincike sai ka yi bayanin bashin da ka amsa da kanka kuma ba ka biya ba.

Tunda bana ne karon farko da aka nemi adadin, akwai wani rami a gabanka. Kada ka ɗora miliyan 5.4 ɗin duka a kan ribar bana. Na bana 1.8 ne. Sauran 3.6 na shekaru biyun da suka wuce ne, wurinsa tarin ribar baya da aka buɗe shekara da ita. Ka rubuta musu su a rarrabe, na buɗe shekara, na cikin shekara, na rufe shekara, su da masu binciken asusunsu su yanke yadda za su gyara alƙaluman bara.

To amma zai yiwu ka buɗe 151 ka tarar da shi wayam. Ban yi mamaki ba, domin yawancin littattafan da suka ratsa hannuna a garin nan haka suke. Kwantabul ya ɗauki adadin da haraji ya yarda da shi ya mai da shi ragin tsufa na littafi kai tsaye, miliyan 12 a 681, shi ke nan, babu wanda ya tambayi injiniya shekara nawa injin zai yi. A irin wannan littafi darajar littafi da ta haraji ɗaya suke, 24 da 24, sai mutum ya ce ai mu ba mu da saɓani. A gida haka ne. Amma uwar kamfani tana da nata ƙiyasin shekarun aiki da take ɗora wa duk injinan rukuninta, in ta ce shekara 10 ne, darajar da za ta shiga rahotonta 42 ce, ba 24 ba. Saɓanin miliyan 18 ya dawo, sai dai wannan karo ba ya cikin wani asusu, da hannu za ka fitar da shi. Abin da za ka fara tambayar Kano ke nan: shekara nawa suke ba irin wannan inji, kuma suna barin wata daraja ta ƙarshe ko sifili suke kai shi? Sannan ka buɗe tebur, kowane kaya da layinsa, da ranar da ya fara aiki, da kuɗinsa, da darajarsa a ma'aunin Kano, da darajarsa a ma'aunin haraji. Kaya ɗaya-ɗaya nake nufi, ba jimla ba. Injin da ya fara aiki a watan Yuli rabin shekara yake ci, kuma a nan ne yawanci tebur ke fara karkacewa.

Dalilin da na nace a kan layi ɗaya-ɗaya, sayarwa ce. A ce a ƙarshen shekara ta 3 ɗin nan kun sayar da injin a kan miliyan 45. A ma'aunin littafi ribar sayarwa miliyan 3 ce, 45 a cire 42. A ma'aunin haraji 21 ce, 45 a cire 24, harajinta miliyan 6.3. Mai kamfani zai yi tsalle ya ce yaya za a yi ribar miliyan 3 ta jawo harajin da ya ninka ta. Amsar tana cikin abin da aka tara: a saki miliyan 5.4 na wannan inji, 6.3 a cire 5.4, saura 0.9, wato kashi 30 na miliyan 3 ba ƙari ba ragi. A littafin gida ma haka take fitowa, domin ranar da kaya ya fita sai a kwashe abin da ya rage masa a 151 a mayar ta 861, 18 da 3 su ba ka 21. Sayarwa ba ta ƙirƙiro sabon haraji ba, ranar biyan tsohon ta matso da ita.

Na taɓa cin wannan tuwo da kaina. Shekarun baya ina duba lissafin wani kamfani, ina fitar da jinkirtaccen haraji a dunƙule, in ɗauki ragin haraji na shekara in cire na littafi in yanka kashi 30 in ɗora a kan na bara. Shekara biyu ina haka lafiya lau. Ranar da muka fita ƙirgen kaya, sai ga wani janareta a bayan sito an lulluɓe shi da tamfol, ƙurar hunturu ta yi masa kauri, an kwance rabin cikinsa an gyara wani da shi. An riga an fitar da shi daga rajista tun bara waccan, amma nauyin harajinsa yana nan zaune a teburina, domin hanyar da nake bi ba ta ganin kayan da ya fita. Tun ranar nake rufe kowace shekara da gwaji guda: in haɗa saɓanin duk layukan, in yanka kashi 30, in ga ko ya yi daidai da abin da ke bilan. In bai yi ba, ko dai an sayar da wani abu, ko an yar, ko an shigar da sabo a tebur ɗaya an manta da ɗayan.

Abin yakan juya ta ɗaya gefen ma. Motar da ke jigilar gyaɗa daga ƙauyukan Magarya da Matamaye ba ta kai shekarun da takarda ke ba ta. A ce kun saye ta miliyan 24, kun san shekara 3 za ta yi, littafi na cire 8 a shekara, haraji kuma ya ce sai shekara 4, 6 a shekara. Rarar miliyan 2 za ku mayar kan riba wajen cike takardar haraji, ku biya harajinta yanzu. A ƙarshen shekara ta 3 darajar littafi sifili, darajar haraji 6, kashi 30 ɗinta miliyan 1.8, wannan karo a gefenku yake, haraji ne da kuka riga kuka biya wanda zai rage muku na gaba. Wannan ba ya bi ta 151 ko kaɗan, wanda ya dogara da 151 kaɗai ba zai gan shi ba. Kuma sharaɗinsa ya fi tsauri. Nauyi ana rubuta shi ko ana so ko ba a so. Wanda ke gefenku kuwa sai in akwai kyakkyawan zaton samun ribar da za a cire shi daga cikinta, ko kuma akwai nauyi irin na injin da zai sauka a lokacin ya haɗiye shi. Kamfanin da ya jera shekaru yana faɗuwa, mai binciken asusu ba zai karɓi fatar baki ba. Sannan ka tabbata ragin jinkirta shi aka yi, ba hana shi ba. Abin da doka ta ce ba za a taɓa cirewa ba har abada, babu wani jinkirtaccen haraji a kansa, tsada ce kawai da kuka ɗauka. Da yake motar da injin duk a hannun ma'aikatar haraji ɗaya suke, kuma kamfani ɗaya ne, ana iya haɗe su a nuna abin da ya rage. Abin da ba a yi shi ne a kashe naku na Nijar da na uwar kamfani na Najeriya.

Saura maganar kashi nawa za a yanka. Na Nijar ne, domin a nan za a biya, ko da na can ya zo daidai da shi. Kuma ba lalle na bana ba, wanda zai yi aiki a shekarun da saɓanin zai warware, gwargwadon dokar da ta riga ta tabbata ranar rufe bilan. Jita-jitar cewa dokar kasafi mai zuwa za ta sauya ba ta isa ba. A ce a ƙarshen shekara ta 4 doka ta tabbata cewa ISB zai koma kashi 25. Saɓanin a lokacin miliyan 24 ne, nauyin da zai zama 7.2 sai ya koma 6, bambancin miliyan 1.2 ya shiga lissafin ribar shekarar da dokar ta fito a lokaci guda. Ba a kuma rage adadin don wai biyan yana nesa, IAS 12 ya hana wannan ƙarara. A sefa za ka yi lissafin duka, juya shi zuwa naira aikin Kano ne.

Wannan ƙa'ida ta shekarar warwarewa tana da cizo ga kamfanin da ya sami yafiyar haraji ta masu zuba jari, kuma masana'antu irin taku su ne ke neman ta. A ce an yafe muku ISB shekara 5 na farko. Mutum zai ce tunda ba ma biyan komai, babu abin jinkirtawa. Amma in kun cinye ragin haraji na miliyan 60 a cikin shekarun yafiyar, kun ƙona shi a lokacin da ba ya rage muku ko dala, sannan shekara ta 6 ta same ku babu abin cirewa, haraji kuma ya dawo da kashi 30 ɗinsa. Saɓanin a shekarun biya zai warware, saboda haka nauyin nan na 1.8 a shekara sai an tara shi tun cikin yafiyar, har ya kai 9. Wanda zai warware a cikin shekarun yafiyar ne kaɗai ake yanka wa sifili. In kuna cikin irin wannan hali, a ganina gaggauta ragin tsufa asara ce tsagwaronta, gara ku tsaya a mafi ƙarancin abin da doka ta wajabta, ku bar sauran ya riski shekarun da zai yi amfani.

Alhajin da ke da kamfani, ranar da ka nuna masa teburin, zai ce maka wannan bashi ne da ba a taɓa biya, tunda kafin tsohon inji ya fara saukewa an sayi sabo ya ɗora wani. Yana da gaskiya rabi. A kamfanin da ke ta sayen kaya, jimlar takan zauna ko ta ƙaru shekara da shekaru, masu ba da rance da yawa ma ba sa lissafa ta cikin bashin da ke cin ruwa. Amma na kowane inji yana warwarewa a kan lokacinsa, sabo ne kawai ke rufe gurbin, kuma IAS 12 bai ba da damar a bar shi don ana sa ran sayen wani ba. Shekarar da gyaɗa ta yi tsada ko iyaka ta rufe aka dakatar da sayen kaya, a ita ce harajin da ake biya ke tashi alhali riba ba ta tashi ba. Saboda haka a teburin naka ka ƙara layi guda a ƙasa wanda Kano ba su nema ba: nawa ne zai warware a kowace shekara cikin biyar masu zuwa in ba a sayi komai ba. A misalinmu, daga ƙarshen shekara ta 3, layin zai nuna ƙarin 1.8 sau biyu, sannan saukar 1.8 a shekara ta 6, ta 7 da ta 8, kuɗin ISB da za a fitar daga banki kuma ya tashi daga miliyan 8.4 zuwa 12. Wannan layi ka kai wa mai riƙe da kuɗin kamfani tun yanzu, ya san da shi kafin ya tsara biyan rancen injin.